Shafin Kwatanta Farashi Da Shafin Lambar Ragi: Wa Ke Biyan Su, Kuma Wanne Za Ka Bi?

Duk wanda ya saba sayayya ta intanet ya san shafuka iri biyu da ke yi wa mai saye alƙawarin sauƙi. Na farko shi ne wanda za ka rubuta sunan kaya, ya jero maka farashinsa a shaguna daban-daban. Na biyu shi ne wanda zai ba ka wata lamba ko kalma, ka shigar da ita lokacin biya a rage maka wani abu. Dukansu kyauta ake shiga, amma kowannensu yana da ma'aikata da ofis, wasu ma har talla suke sakawa a talabijin. Kuɗin da ke riƙe da su daga wani wuri yake fitowa, kuma sanin wurin shi ne zai nuna maka inda ya kamata ka amince da su da inda ya kamata ka buɗe ido.

A taƙaice, aikinsu aikin dillali ne, kuma la'adarsu daga hannun mai kaya take fitowa. Dillanci sana'a ce ta halal, dillali na gari yana rage wa mutum yawo da wahala. Sai dai mai sayen da ya san wanda ke biyan dillali, da kuma a kan me ake biyansa, ya fi sanin yadda zai auna maganarsa. Shafukan nan biyu ba a kan abu ɗaya ake biyan su ba, don haka kowanne da gefen da yake karkata.

Yadda shago ke gane wanda ya turo ka

Kafin a shiga bambancinsu, yana da kyau a san yadda ake lissafin la'adar. Idan ka danna sunan wani shago a ɗaya daga cikin shafukan nan, adireshin da zai kai ka yana ɗauke da alamar shafin da ya turo ka. Wani lokaci za ka iya ganinta da idonka a ƙarshen adireshin. A Amazon, alal misali, tana zuwa bayan `tag=`, a wasu shagunan kuma za ka ga `aff_id=` ko `utm_source=`. Da ka isa, shagon zai ajiye wani ɗan ƙaramin bayani a wayarka ko kwamfutarka, wanda ake kira kuki, domin ya tuna wanda ya kawo ka. Idan ka yi sayayya kafin wa'adin wannan bayanin ya ƙare, sai a rubuta wa shafin la'adarsa. Wa'adin ya bambanta daga shago zuwa shago. Na Amazon awa 24 ne, wasu kuma sukan kai wata guda.

Wannan tsari ya daɗe. Amazon ta buɗe nata tun 1996, kuma manyan shagunan intanet na Nijeriya irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, su ma sun yi amfani da shi. Akwai wata ƙa'ida a cikinsa da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo kanta: a mafi yawan shaguna, wanda ka danna adireshinsa a ƙarshe kafin ka biya shi ne ke kwashe la'adar gaba ɗaya, ko da wani ne ya yi wahalar nuna maka kayan tun farko.

Shafin kwatanta farashi: kuɗinsa na cikin jeri

Shafukan kwatanta farashi sun fi ƙarfi a Turai da Amurka. Akwai Idealo a Jamus, PriceRunner da ta samo asali daga Suwidin, da PriceCheck a Afirka ta Kudu. A ɓangaren tafiye-tafiye akwai Skyscanner da Kayak na tikitin jirgi, da Trivago na ɗakunan otal, kuma waɗannan ne mutanenmu suka fi cin karo da su idan suna neman jirgin Jidda ko masauki a Makka da Madina lokacin Umara.

Yawancinsu ba sa sayar da komai. Shaguna ne ke aiko musu da jerin kayansu da farashi, su kuma su tsara su nuna. Ana biyan su ta hanya biyu: ko dai a kan kowane dannawa da aka yi zuwa shagon, an saya ko ba a saya ba, ko kuma wani kaso na cinikin idan an saya. Wasu kuma suna sayar da gurbin da ke saman jeri ga shagon da ya biya.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, shagon da bai ƙulla yarjejeniya da shafin ba sau da yawa ba zai bayyana ba, ko da ya fi kowa araha. Saboda haka idan shafi ya ce ga mafi arha, ma'anarsa mafi arha a cikin waɗanda yake hulɗa da su. Mai shagon waya a Farm Centre ta Kano ba ya cikin lissafin, kuma yana iya fin su sauƙi. Na biyu, idan shago biyu suna da kaya iri ɗaya amma ɗaya ya fi biyan kuɗin dannawa, shafin yana da dalilin ɗora shi a sama, domin yawancin mutane abin da ke sama suke dannawa.

Wannan ba zato ba ne, ya taɓa zuwa gaban kotu. Hukumar kare masu saye ta Ostireliya, ACCC, ta kai Trivago ƙara a 2018. Kamfanin yana talla a talabijin cewa zai taimaka wa mutum ya samu ɗaki mafi arha. A watan Janairun 2020 Kotun Tarayya ta ƙasar ta yanke hukunci cewa ya yaudari jama'a, domin tsarin da ke zaɓen farashin da za a fito da shi a sama yana ba da nauyi mai yawa ga kamfanin da ya fi biyan kuɗin dannawa. Shaidar da aka gabatar ta nuna cewa a kusan kashi biyu cikin uku na jerin, an fifita farashi mai tsada alhali akwai wanda ya fi shi sauƙi. Kotun ta kuma gano cewa tsohon farashin da ake ja wa layi, don a nuna an yi ragi, sau da yawa na ɗaki ne mafi daraja da aka kwatanta da ɗaki na talakawa. A watan Afrilun 2022 aka ci Trivago tarar dalar Ostireliya miliyan 44.7.

Haka nan a 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 2.42 saboda fifita nasa shafin kwatanta farashi a sakamakon bincike da kuma danne na abokan hamayya, kuma babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da hukuncin a watan Satumban 2024. Abin da shari'o'in biyu suka nuna shi ne farashin da ke kan allo yana iya zama gaskiya, amma yadda aka jera shi ya karkatar da mai saye. A shafin kwatanta farashi, jerin shi ne wurin da ake sa ido.

Maganin yana da sauƙi. Kada ka tsaya a kan tsarin da shafin ya fara nuna maka, wanda yawanci ake rubuta wa Recommended ko Popular. Nemi wurin da aka rubuta Sort by, ka zaɓi Price: low to high, wato daga mafi arha zuwa mafi tsada. Duk abin da ka ga an liƙa wa Sponsored ko Ad, to gurbinsa aka saya da kuɗi. Yana da kyau kuma ka san mai shafin. Expedia ce ke da mafi yawan hannun jari a Trivago, Booking Holdings ce ta mallaki Kayak, Skyscanner kuma na Trip.com ne, kuma duk waɗannan iyayen gida su ma suna sayar da ɗaki ko tikiti a cikin jerin da kake dubawa.

Shafin lambar ragi: kuɗinsa na bakin wurin biya

Shafin lambar ragi, irin RetailMeNot na Amurka, lissafinsa daban ne. Yawanci ba ya samun komai sai ka saya. Burinsa shi ne ka kammala sayayya, kuma ya zama shi ne na ƙarshe da ka taɓa kafin ka biya. Bai damu ba ko shagon da kake ciki shi ne mafi arha, domin kwatantawa ba aikinsa ba ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Ka zaɓi kayanka, ka isa wurin biya, sai ka ga wani ɗan akwati da aka rubuta Promo code ko Voucher. Sai ka fita ka nemi lamba a Google, ka faɗa wani shafi da ya ɓoye lambar a bayan maɓallin Show code. Da ka danna, wani shafi zai buɗe a gefe ya sake kai ka shagon, kuma a daidai lokacin ne aka ajiye alamar shafin ragin a wayarka. Ko lambar ta yi aiki ko ba ta yi ba, idan ka ci gaba ka biya, la'ada ta zama tasa. Wannan ne dalilin da ya sa ake samun shafukan da suka cika da lambobin da suka daɗe da mutuwa. Cire su ba ya ƙara wa shafin komai, barin su kuma yana jawo masu dannawa.

Shahararren misali a nan shi ne Honey, wata 'yar manhaja da ake ɗorawa a kan burauza, wadda ke gwada lambobin ragi da kanta idan mutum ya isa wurin biya. PayPal ta saye ta a kan kusan dala biliyan 4, aka kammala cinikin a farkon 2020. Wannan kuɗi kaɗai ya isa ya nuna girman abin da ake samu a bakin wurin biya. A watan Disambar 2024 wani mai bincike a YouTube da ake kira MegaLag ya zargi Honey da abu biyu: cewa tana maye gurbin alamar masu tallan da suka turo mutum da tata, ko da ba ta samo wani ragi ba, kuma cewa shagunan da take hulɗa da su suna iya zaɓar lambobin da za ta nuna, ta yadda mafi tsoka ba za su fito ba. An shigar da ƙararraki a Amurka a kan haka. PayPal ta ce Honey tana bin ƙa'idojin da aka saba da su a harkar, ciki har da ba wa mai dannawar ƙarshe la'ada. A watan Maris na 2025 Google ya tsaurara dokar manhajojin burauzarsa ta Chrome, ya hana su cusa alamar la'ada sai idan mai amfani zai samu wata fa'ida ta zahiri kuma shi ne ya danna da kansa.

Akwai dangin waɗannan shafuka da ke mayar wa mai saye wani abu bayan ya biya, irin su Rakuten da TopCashback. Su dai la'adar da shago ya ba su ce suke raba ta da kai, kuma suna faɗin haka a fili. Sai dai kuɗin ba ya zuwa nan take. Shago yakan jira wa'adin mayar da kaya ya wuce kafin ya tabbatar da cinikin, abin da kan ɗauki makonni ko watanni, kuma idan ka yi amfani da lambar ragi daga wani shafin daban, alamar za ta iya sauyawa ka rasa rabonka. Lambar da wani ɗan fim ko mai yawan mabiya a TikTok yake rabawa ita ma haka take aiki: lambar ce ke shaida wa kamfani cewa shi ya kawo ka, a biya shi a kanka.

Misali da lissafi

Mu ɗauka kana son sayen wata waya, a kawo maka Kano. Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

Shafin kwatanta farashi ya nuna shago na farko a sama, da alamar Sponsored, a kan naira 185,000. A ƙasansa akwai shago na biyu a kan naira 181,000. A gefe guda kuma wani shafin ragi yana tallan shago na uku da manyan haruffa: ragin kashi 10 cikin ɗari. A shagon na uku farashin wayar naira 198,000 ne. Idan ka cire kashi 10 za ka samu naira 178,200, wanda a ido ya fi duka sauƙi.

Amma a cikin ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin lambar an ce ragin ba zai wuce naira 10,000 ba. Ke nan wayar ta koma naira 188,000. Yanzu sai a ƙara kuɗin kawowa. Shago na farko yana karɓar naira 3,000, jimilla 188,000. Na biyu yana karɓar naira 5,500, jimilla 186,500. Na uku yana karɓar naira 3,000, jimilla 191,000. Wanda ya fi kowa ƙarar talla shi ne ya fi tsada, wanda aka ɗora a sama shi ne na tsakiya, mafi arha kuwa shi ne wanda ba a yi wa ado ba. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na farko ma ta ragu daga naira 4,000 zuwa 1,500 da aka sa kuɗin kawowa, kuma da ya ɗan ƙaru kaɗan da jerin ya juye.

To me shafukan suka samu? A ce kowane dannawa naira 100 ne. Ka leƙa shago biyu, shafin kwatantawa ya samu naira 200 ko ka saya ko ba ka saya ba. Kuɗin kamar bai taka kara ya karya ba, amma duba shi ta ɓangaren mai shago: idan mutum 100 suka danna, biyu kacal suka saya, ya kashe naira 10,000 a kan ciniki biyu, wato naira 5,000 a kan kowace waya. Shafin ragi kuwa, idan la'adarsa kashi 3 cikin ɗari ce, da ka saya a shago na uku zai samu naira 5,640. Mai shago ba daga sama yake samo waɗannan kuɗaɗe ba, yana lissafa su ne a cikin farashin da yake sakawa. Shi ya sa shagon da ke yawan raba manyan lambobin ragi sau da yawa farashinsa na asali yake sama da na wasu.

Sai bayan ka tsayar da shago na biyu ne lambar ragi take da amfani na gaske. Idan ka samu wadda ta cire maka naira 2,000, ka biya 184,500, kuma wannan ragi ne a kan farashin da ka riga ka tabbatar shi ne mafi sauƙi. Kafin ka biya, tabbatar cewa wayar iri ɗaya ce a duk shagunan, domin suna ɗaya kan zo da ma'ajiya mai 128GB da mai 256GB, ko sabuwa da wadda aka gyara.

Wanne za a bi, kuma yaushe

Shafin kwatanta farashi ya fi amfani idan kayan yana da tsada kuma iri ɗaya ne a ko'ina, kamar waya, talabijin, janareta, tikitin jirgi ko ɗakin otal. Ba ya da wani amfani sosai a kan atamfa, shadda ko turare, inda suna ɗaya ba ya nufin daraja ɗaya. Shafin ragi kuwa yana da amfani idan ka riga ka yanke abin da za ka saya da inda za ka saya. Wanda ya fara da shafin ragi yakan tsinci kansa yana sayen abin da bai yi niyya ba, ko yana ƙara kaya a kwando don ya kai adadin da lambar ta gindaya. Idan sai ka ƙara kayan naira 8,000 da ba ka buƙata kafin a rage maka 3,000, to asarar naira 5,000 ka yi.

Ga mai neman tikitin jirgi, akwai ƙarin mataki guda. Bayan ka ga farashi a Skyscanner ko Kayak, duba shafin kamfanin jirgin da kansa, ka kuma duba ko mafi arhar ya haɗa da kaya. Tikitin da bai haɗa da akwati ba yana iya fin ɗayan tsada a ƙarshe ga mai dawowa daga Saudiyya da tsaraba. Ka lura kuma da wanda za ka biya. Idan wani ejan ne na intanet da ba ka sani ba, shi za ka nema idan aka soke tafiya, ba shafin da ya nuna maka farashin ba.

Ga masu saye a Amazon, akwai shafuka kamar CamelCamelCamel da Keepa da ke nuna tarihin farashin kaya na watanni. Da su ne ake gane ko ragin da ake shela na gaske ne ko kuwa an ɗaga farashi ne kafin a sauke shi. A inda babu irin wannan, ɗaukar hoton farashi da waya mako biyu ko uku kafin lokacin babbar gwanjo, irin ta Black Friday a watan Nuwamba, yana yin wannan aikin.

Abin da kake biya ba da kuɗi ba

Akwai hanya ta uku da shafukan nan ke amfana, wato bayananka. Adireshin imel da lambar wayar da ka bayar don a turo maka lambobi suna zama hanyar aiko maka da talla. Manhajar ragi da ke zaune a burauza kuwa tana neman izinin ganin shafukan da kake buɗewa, domin ta haka ne take sanin ka isa wurin biya. Wanda ba ya yawan sayayya ba shi da dalilin barin ta a kunne kullum.

Shafi mai mutunci yakan bayyana yadda yake samun kuɗi, galibi a can ƙasa, ƙarƙashin How we make money ko Affiliate disclosure. Yakan nuna ranar da aka sabunta farashi ko ranar da lamba za ta daina aiki, kuma yakan raba talla da sauran jeri. Wanda ya rasa duka ukun, a yi taka-tsantsan da shi.

Daga ƙarshe akwai shafukan da ba na ragi ba ne ko kaɗan, na damfara ne, kuma sun fi yawo a WhatsApp da Facebook da sunan manyan kamfanoni. Alamarsu a bayyane take. Lambar ragi ta gaskiya a shafin shago ko manhajarsa ake shigar da ita, kuma ragin yana bayyana a jimillar kuɗi kafin ka biya. Ba ta buƙatar lambar katinka na banki, ko BVN, ko lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo, kuma ba a cewa sai ka tura wa mutum ashirin kafin a ba ka. Wanda aka yaudara da farashin ƙarya a Nijeriya yana iya kai kokensa ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tare da hoton tallan da shaidar biya. Saboda haka yana da kyau a riƙa ɗaukar hoton shafin biya kafin a danna, inda farashin kaya, ragi, kuɗin kawowa da jimilla suka fito tare, domin wannan jimillar ce kaɗai adadin da ya kamata a kwatanta tsakanin shago da shago.